Yadda ake maganin shawar da take zafi tana sanyi

Duk mai hita a banɗaki ya san abin nan, musamman da hunturu. Ka tsaya ka murɗa ka murɗa har ruwa ya yi ɗumi daidai jikinka, ka shafa sabulu a fuska, kawai sai ka ji kamar an juye ma ruwan shayi a baya, ka yi tsalle ka rage zafin, kafin ka ɗauraye ido kuma ya koma kamar ruwan randa. Ni a gidanmu na daɗe ina zargin hita ce ta lalace har na kusa sayen sabuwa, ashe ba ruwanta. Matsalar ƙarfin ruwa ce.

Bari in faɗi yadda abin yake tukun. Bututu biyu ne ke shiga miksar shawa, na zafi a hagu na sanyi a dama, ita kuma miksar da muka saba da ita ba ta san komai ba, ƙofa kawai take buɗe wa kowanne gwargwadon yadda ka murɗa. A ce hita ta dafa ruwa zuwa digiri 60, na tanki kuma yana digiri 20. Lita 5 na zafi da lita 5 na sanyi a minti ɗaya za su ba ka digiri 40, wanda shi ne jiki ke so. To sai Hajiya ta buɗe famfon kicin, ko yaro ya yi filashin a ɗayan banɗakin, kuma duk layin sanyi ɗaya kuke ja. Naka sanyin ya ragu ya koma lita 2 da rabi, zafin yana nan lita 5, lissafi ya tashi wajen digiri 47. Kai ba ka taɓa komai ba. Ka rage zafi da hannu, Hajiya kuma ta rufe famfo, sanyi ya dawo da ƙarfinsa, shi ne ka ji ƙanƙara.

A gidajenmu abin ya fi tsanani saboda yawanci tanki ne a sama ke ba mu ruwa, kuma kowace mita ɗaya ta tsawo bar 0.1 kawai take bayarwa, bar ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 4 bar 0.4 ke nan, ɗan kaɗan ne, ga bututu rabin inci an ja shi gida duka. Famfo ɗaya aka buɗe sai kowa ya ji a jikinsa.

Mataki na farko, kafin ka kashe ko sisi, ka gwada da bokiti. Samu bokitin lita 10 da agogon waya. Murɗa sanyi zalla, ka ƙirga sakan nawa ya cika. Zubar, ka yi na zafi zalla. Sannan ka sa wani ya buɗe famfon kicin ka sake na sanyin. Nawa da na gwada, sanyi ya cika a sakan 60, da aka buɗe kicin sai da ya kai 120, rabin ruwan ya tafi ke nan, ban ma buƙaci falamba ya faɗa min ba. In kuma ka ga na zafin ne ke ɗigowa da ƙyar ko ba wanda ya buɗe komai, to ka duba toshewa.

Na biyu ke nan, wanke-wanke. Kwance kan shawar ka jiƙa shi a ruwan khal ya kwana, ruwan bohol yana barin farin gishirin nan da ke toshe ramuka. Yashi ma yana taruwa a 'yar rariyar da ke bakin miksa in tana da ita. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Na uku, ka san irin hitarka. In ƙaramar nan ce mai dafa ruwa nan take yana wucewa, tana da makunni da ke jin gudun ruwa, ruwa ya yi ƙasa sai ta kashe kanta, ya dawo ta kunna, shi ya sa zafi da sanyi ke karɓa-karɓa ko kai kaɗai ne a gida. Wannan ba miksa take so ba, ƙarfin ruwa take so, ko a ɗaga tanki ko a sa busta, wato injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi. In kuma mai tanki ce ta lita 30 kuma kai ne na uku a layin wanka, ruwan zafin ne ya ƙare, ba bawul ɗin da zai haifo shi.

In gwajin bokiti ya nuna ƙarfin ruwa ne ke hawa da sauka, to nan ne miksa mai bawul take shigowa, kuma iri biyu ce. Akwai mai daidaita ƙarfi, a cikinta akwai wani ɗan fistin da ke tsakanin ruwan biyu, sanyi ya yi rauni sai ya matsa ya matse zafin shi ma, ruwan shawar ya ragu amma ɗuminsa bai gudu sosai ba. Sai tamostatik, wadda ni ita na sa. Ita zafin kansa take ji. Akwai wani kaki irin na kyandir a rufe a cikinta, ruwa ya yi zafi ya kumbura ya tura bawul ya rage zafi ya ƙara sanyi, ya huce ya tsuke. Hannu biyu gare ta, ɗaya na yawan ruwa ɗaya na digiri, kuma yawanci tana da maɓalli a 38 da sai ka danna kafin ka wuce. Abin da ya fi burge ni, in ruwan sanyi ya ɗauke gaba ɗaya tana toshe zafin. Mai yara ko tsoho a gida ya san darajar wannan, ruwan digiri 60 cikin 'yan sakanni yake saɓule fata.

Wajen saye ka karanta kwali ka ga mafi ƙarancin ƙarfin da take aiki da shi. Da yawa bar 1 suke nema, ka sa irinsu a tankin bar 0.4 sai ka samu ɗigo. Ka nemi ta ƙaramin ƙarfi, ko ka sa busta, amma busta ɗin a bakin tanki za a sa shi ya tura layin biyu tare, in sanyi kaɗai aka tura an ƙara ɓata lissafin.

Sawa ba wuya in bututun bango sun zo daidai, tsakaninsu santimita 15. A kashe hita, a rufe ruwa daga tanki, a kwance tsohuwar. Kafin a ɗaura sabuwar a saki ruwa ya wanko yashin bututu cikin bokiti, falamba da yawa suna tsallake wannan kuma shi ke kashe bawul ɗin da wuri. A naɗa farin tef a zaren mahaɗin bango, a sa rariyoyin da suka zo da ita, zafi hagu sanyi dama. In aka juya su za ka ga ruwa ko tafasasshe ko sanyi ƙalau ba tsakiya, sai ka ce wa falamba, malam, duba layinka.

Bayan nan ka bar hitar a wajen 60, kar ka rage ta zuwa 40 wai don tsoron ƙuna, bawul ɗin yana son zafin da ke shigowa ya ɗara wanda ka saita da aƙalla digiri 10. Sai ka shiga ka sa a buɗe famfon kicin a yi filashin ka ji ko ta riƙe. Da bazara kam, in rana ta dafa baƙin tankin nan, ruwan da ake kira na sanyi ma zafi ne, miksa ba ta da abin sirkawa, sai dai a yi wa tanki rumfa.