Yadda Ake Wankin Kaya da Hannu da Ruwa Mai Ƙin Kumfa

Ana yawan tambaya a nan Kaduna game da ruwan rijiya da na burtsatse mai ƙin kumfa. Ga yadda ake yi:

1. Zuba ruwan a gora, ki sa ɗan sabulun sanda, ki girgiza. In ya yi dusa-dusa ba kumfa, ruwan na da alli.
2. Ajiye sabulun sanda gefe. Allin ne ke cinye shi, ya bar dauɗa a jikin zare. Wuyan riga da hammata kaɗai za a goga wa.
3. Ɗauki omo don fararen kaya da yunifom. Atamfa da shadda kuwa, sabulun ruwa ya fi, ba ya barin farin gari.
4. Auna omo cokali biyu na cin abinci a bokiti mai lita 10. In kayan sun yi datti sosai, cokali uku.
5. Dama shi har ya narke kafin ki sa kaya.

Hattara: kada ki yi ta ƙara omo don neman kumfa. In ya yi yawa yana cin hannu, kaya su bushe ƙandas.

6. Jiƙa na minti 20, amma ban da kaya masu zuba.
7. Cuɗa.
8. Ɗauraye har santsin ya fita.