Yadda Ake Koya Wa Ɗalibai Yadda Na'ura Ke Koyo Daga Bayanai, Da Tanki Ɗaya Da Lamba Ɗaya

Ɗalibin da ba kwamfuta yake karanta ba, idan ka ce masa "na'ura tana koyo", abin da ke zuwa masa a rai shi ne wata aba mai tunani da ke zaune tana nazari. Muddin wannan hoton na cikin kansa, duk bayanin da za ka yi a gaba kansa zai hau, ya karkace. Aikinka a darasin farko shi ne ka maye gurbinsa da abin da yake faruwa a zahiri: akwai lamba, ana yin hasashe da ita, a auna kuskuren, a gyara lambar kaɗan, a sake. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ɗaliban su yi wannan gyaran da hannunsu kafin kowa ya taɓa kwamfuta. Allo, takarda da kalkuleta sun isa.

Kalmomin fannin kuwa, ka bar su da Turancinsu kamar yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta: `model`, `loss`, `gradient` da sauransu. Ranar da ɗalibi ya buɗe manhaja, su zai tarar. Sai dai akwai sharaɗi: kada ka faɗi kalma sai ɗalibai sun riga sun yi abin da take nufi. Bayani da Hausa ya zo da farko, suna ya biyo baya, ka rubuta shi a gefen allo.

Fara da bayanai uku kacal

Ka ce an kunna famfo a kan tanki, ana duba ruwan da ya taru. Bayan minti 1 akwai lita 3, bayan minti 2 lita 6, bayan minti 3 lita 9. Rubuta su a layi biyu, mintoci a `x`, litoci a `y`. Wannan shi ne `training data`: misalan da aka riga aka san amsarsu.

Nan take wani zai ce ai ninkawa da 3 ake yi. Ka amsa masa da cewa gaskiya ne, kuma dalilin zaɓar misalin ke nan: mu mun san amsar, don haka za mu iya zuba ido mu ga ko na'urar, wadda ba ta sani ba, za ta isa gare ta. Sai ka rubuta `y = w * x`. Wannan ɗan lissafin shi ne `model` ɗinmu, `w` kuma ana ce masa `weight`. Shi kaɗai ne zai riƙa canzawa. Ka sa `w = 0`, ka tambaye su me lissafin zai ce a minti 1, 2 da 3. Sifili zai ce duk sau ukun.

Auna kuskure

A nan ya kamata ka daɗe, domin wanda bai gane wannan matakin ba, na gaba ba zai shige shi ba. Hasashe ya ce 0, gaskiya ta ce 3, 6 da 9, to tazarar ita ce 3, 6 da 9. A ninka kowace da kanta, a samu 9, 36 da 81. Jimilla 126, a raba gida uku, 42. Wannan lambar guda da ke faɗin yawan kuskure ita ce `loss`.

Za a tambaye ka me ya sa ake ninka tazara da kanta. Dalili biyu ne. Idan hasashe ya wuce da 2 a wani wuri, ya gaza da 2 a wani, haɗa su kai tsaye zai ba da sifili kamar babu kuskure, alhali akwai. Ninkawar na hana su cinye juna. Na biyu, tana sa babban kuskure ya fi nauyi: tazarar 9 ta zama 81, ta 3 kuwa 9 kawai.

Yanzu raba ajin rukuni-rukuni, kowane ya ɗauki `w` ɗaya ya lissafa. Masu `w = 1` za su samu 18.67, masu 2 su samu 4.67, masu 3 sifili, masu 4 kuma 4.67. Ku zana sakamakon a allo, `w` a kwance, `loss` a tsaye. Zanen zai fito kamar harafin U, gindinsa a kan 3. Ka nuna musu gindin ka ce nan ake nema. Duk abin da ake kira `training` neman wannan wurin ne.

Yadda ake sanin inda za a nufa

Da lamba ɗaya ana iya gwada 1, 2, 3, 4 a ga wadda ta fi. Da miliyoyin lambobi ba zai yiwu ba. Shi ya sa ake lissafa gangaren zanen a daidai inda ake tsaye, wato `gradient`. Ga misalinmu, a kowane layi ana lissafa `2 * (w*x - y) * x`, sannan a ɗauki matsakaicin ukun. A `w = 0` za a samu -6, -24 da -54, matsakaicinsu -28. Ba sai ka shiga asalin dabarar ba. Ɗaliban da ba su yi zurfi a lissafi ba, abin da suke buƙata shi ne karanta sakamakon. Alamar ragi na cewa idan aka ƙara `w`, kuskure zai sauka. Girman lambar kuma na cewa gangaren na da tsauri a nan.

Ba a ɗaukar 28 ɗin gaba ɗaya. Ana ninka shi da wata ƙaramar lamba da mutum ne ke zaɓarta, `learning_rate`. Mu ɗauki 0.05. Sabon `w` zai zama `0 - 0.05 * (-28)`, wato 1.4. Ka sa su sake lissafa `loss` da 1.4: daga 42 ya faɗo 11.95. Su ƙara zagaye ɗaya da hannu, su samu `w` 2.15 da `loss` 3.4. Zagaye guda a kan dukkan bayanan shi ake kira `epoch`. Bayan zagaye biyu sun gaji da lissafi, kuma lokacin da ya dace a kawo kwamfuta ke nan:

```python
x = [1, 2, 3]
y = [3, 6, 9]
w = 0
learning_rate = 0.05
for epoch in range(5):
    loss = sum((w*a - b)**2 for a, b in zip(x, y)) / 3
    gradient = sum(2*(w*a - b)*a for a, b in zip(x, y)) / 3
    print(epoch, round(w, 2), round(loss, 2))
    w = w - learning_rate * gradient
```

Layuka uku na farko da za su fito su ne lambobin da ke rubuce a takardunsu. Biyun ƙarshe kuwa `3 2.54 0.97` da `4 2.76 0.27`. Ka ja hankalinsu ga yadda takun ke raguwa da kansa: na farko 1.4, na biyu kusan 0.75, na uku kusan 0.4, saboda gangaren na lafawa yayin da ake kusantar gindi. Sunan wannan hanya `gradient descent`, kuma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin masanin lissafin Faransa Augustin-Louis Cauchy ya bayyana ta tun 1847.

Ka lalata shi da gangan

Darasin da komai ya tafi daidai a cikinsa bai cika zama a kai ba. Canza `learning_rate` zuwa 0.3. `w` zai yi tsalle daga 0 zuwa 8.4, ya dawo -6.72, ya haura 20.5, `loss` kuma ya tashi daga 42 zuwa 136, zuwa 441. Takun ya yi faɗi har yana tsallake gindin ya dira can sama a ɗaya ɓangaren. Alamarsa ke nan a ko'ina: `loss` na hauhawa maimakon sauka. Sai ka mayar da shi 0.001, ka sa `range(100)`. Bayan zagaye ɗari `w` bai wuce 1.83 ba. Babu abin da ya lalace, tafiyar ce ta yi jinkiri.

Gwaji na gaba ya fi muhimmanci a wurina. Ka ce mai rubuta bayanan ya yi kuskure, ya sa 19 a maimakon 9. Mayar da `learning_rate` 0.05, ka bar shi ya yi zagaye da yawa. `w` zai tsaya a kusan 5.14, `loss` kuma ya sauka har wani wuri ya ƙi kaiwa sifili. Lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan, abin da aka ba shi ya bi. Bai san famfo ba, bai san ruwa ba, ba shi da hanyar gane cewa 19 ba ta yi kama da gaskiya ba. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani kan illar gurɓatattun bayanai ba.

Jarrabawa da abin da bai taɓa gani ba

Tun farkon darasi ka ɓoye layi biyu a takarda: minti 4 lita 12, minti 5 lita 15. Su ne `test data`. Kafin ka fito da su, gabatar da wani `model` na biyu: tebur ne kawai da ya adana layuka ukun nan, idan aka ba shi 2 ya ce 6. Kuskurensa a kan `training data` sifili ne tun daga farko, ya ma fi namu. Sai ka tambaye shi minti 4. Ba shi da abin faɗa. Namu mai `w` kusan 3 zai ce kusan 12. Bambancin ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara ne da wanda ya gane darasin. Idan `model` mai lambobi da yawa ya karkata ga hadda, har yana bin kurakuran da ke cikin bayanan, ana ce da abin `overfitting`. Ana gane shi idan `loss` na bayanan horo na ci gaba da sauka, na bayanan da aka ɓoye kuma ya tsaya ko ya fara hawa. Ka jaddada musu cewa bayanan gwaji ba sa shiga horo ko sau ɗaya, in suka shiga, sakamakon ya daina nuna gaskiya.

Tambaya ɗaya ta rage: lita nawa a minti 10? Za su ce 30. Sai ka gaya musu tankin lita 20 yake ci. Babu layi ko ɗaya a bayanan da ya kai lokacin cikar tanki, don haka lissafin zai ba da 30 ba tare da wata alamar shakka ba. Ingancin hasashe ya tsaya ne a iyakar irin yanayin da bayanan suka ƙunsa.

Wani zai tambaya ko manyan manhajojin da ke rubutu da hira ma haka suke. Ka ce masa zagayen ɗaya ne: hasashe, `loss`, `gradient`, gyara. Abin da suke hasashe shi ne guntun kalmar da zai biyo baya a rubutu, lambobin da ake gyarawa kuma sun yi yawa ƙwarai. GPT-3, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajojin da aka fitar a 2020, na da biliyan 175. Lissafa `gradient` na kowace lamba a irin wannan tsari mai hawa-hawa shi ne aikin `backpropagation`, wanda Rumelhart, Hinton da Williams suka yaɗa a 1986. Wannan ka bar shi sai darasi na gaba. Aikin gida na yau: su ƙara lamba ta biyu, `y = w*x + b`, da sabbin bayanai 5, 8 da 11, su gano cewa `b` shi ne lita 2 da ke cikin tankin tun kafin a kunna famfo.