Kurakuran da ake yi wajen tantance magani da lambar kankarewa ko QR

Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da tsarin tantance magani ta waya, kuma an fi ganinsa a kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Za ka kankare wurin da aka rufe da ruwan azurfa kamar katin waya, ka tura lambar ta saƙon tes, amsa ta dawo maka kyauta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura lambar duk inda kwalin ya ce. Mai haɗa jabu ai shi ya buga kwalin, don haka zai iya sa lambar wayarsa, ya amsa maka da cewa maganin na gaskiya ne. Lambobin da aka amince da su gajeru ne, irin su 38353, 38351 da 1393. In an ce ka tura saƙon tes ɗin zuwa cikakkiyar lambar waya mai lamba 11, ajiye kwalin.

Na biyu, mutane na ganin amsa ta shigo sai su mayar da waya aljihu ba su karanta ba. A ce ka sayi artemether da lumefantrine na yaro, amsa ta ce na gaskiya ne, amma sunan da ta ambata na wani magani ne daban. Wannan alama ce an ɗauko lambar daga wani kwali. Ka haɗa duk abin da saƙon ya faɗa da abin da ke rubuce a jikin kwalin. Idan kuma amsar ta ce an riga an yi amfani da lambar, alhali kai ne ka kankare ta yanzu, wataƙila lamba guda aka kwafa aka buga a kwalaye da yawa. Kada ka karɓi wanda aka riga aka kankare, ko da mai kemis ya ce shi ya gwada maka. Ka kankare da hannunka a gabansa kafin ka biya.

QR kuwa, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, a ganina, ya fi rauni. Kowa na iya ƙirƙirarsa cikin minti ɗaya, ya kai ka shafin da ya gina da kansa, mai koren tambari da kalmar "Verified". Kafin ka taɓa, karanta adireshin da kyamara ta nuna, ka shafa wurin da yatsa ko sitika aka manna a kan na asali. Tantance kaya ba ya bukatar BVN, lambar katin banki ko sauke wata manhaja daga shafin; in an nemi ɗaya, rufe shi. Gara ka rubuta greenbook.nafdac.gov.ng da kanka, ka nemi lambar rajistar da ke kwalin.

Amsa mai kyau ba ta san ko maganin ya daɗe a rana a kan tire ba.