Yadda na daina rasa kalma a ƙamus

Ina bitar darasin Turanci na ci karo da went, na buɗe ƙaramin ƙamus na aljihu, na bi harafin W kaf ban same ta ba. Dalili kuwa ƙamus tushen kalma yake jerawa, ba kowace siga ba, kuma went sigar go ce ta abin da ya wuce.

Yanzu nakan fara da cire jela. Daga walked in cire ed, in sami walk. Amma a kula: stopped ta ninka p, tushenta stop, carried kuwa i ɗinta komawa y take yi, wato carry. In na yanke jela na ga abin da ya rage ba kalma ba ne, kamar mak daga making, sai in mayar da e.

Masu taurin kai su ne irin went da better, don ko kama da tushensu ba su yi. Ga aikatau, nakan duba jadawalin da ke bayan ƙamus mai layi 3: go, went, gone. Ita better jimla ce ke raba gardama. In magana a kan inganci ce, good zan nema, in kuma mara lafiya ne ya sami sauƙi, sai in tafi well.