Yadda ake karanta ƙimar p ba tare da an ɗora mata abin da ba ta faɗa ba

Duk lokacin da aka zo kare firojet, ko a Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, akwai jimlar da ɗalibai suka fi son karantawa daga babi na huɗu: "Ranka ya daɗe, tunda p ta fito 0.02, yiwuwar cewa babu bambanci kashi 2 ne kawai cikin ɗari, saboda haka hasashena gaskiya ne da kashi 98." Lissafin na iya zama daidai, amma wannan fassarar kuskure ce tun daga tushe. Ga yadda ake karanta ƙimar p, wato lambar da gwajin ƙididdiga ke fitarwa, da misali ɗaya da za mu bi har ƙarshensa. Alƙaluman misalin ni na tsara su don koyarwa.

Mu ɗauka wata ɗalibar aikin gona tana son sanin ko wani sabon irin masara ya fi wanda manoman Dadin Kowa suka saba shukawa. Ta sami gonaki 10, ta raba kowacce gida biyu, ta yi ƙuri'a don zaɓen ɓangaren da za a shuka sabon irin. Da aka yi girbi aka auna, sabon iri ya fi yawan amfani a gonaki 9, tsohon ya yi nasara a ɗaya.

Mataki na farko: rubuta hasashen babu-bambanci da kalmominka

Kafin ka kalli kowace lamba, rubuta abin da ake gwadawa. A littattafai ana masa alamar H0. A nan ma'anarsa ita ce iri biyun duk ɗaya suke wajen amfani, don haka a kowace gona damar sabon iri ya zo sama rabi-da-rabi ce, sai dai abin da ƙasa da ruwa da sa'a suka yi. Ka riƙe wannan da kyau: lissafin p gaba ɗaya ana yin sa ne bayan an ƙaddara cewa wannan hasashen gaskiya ne. Ba a tambayar ko gaskiya ne. An riga an ce "a ce gaskiya ne", sannan aka fara ƙirga.

Mataki na biyu: ƙirga abin da sa'a kaɗai za ta iya haifarwa

Kowace gona tana da sakamako biyu, sabo ya ci ko tsoho ya ci. Gonaki 10 suna ba da 2 sau 2 har sau goma, wato hanyoyi 1,024 da girbin zai iya faɗuwa. Idan babu bambanci, duk hanyoyin nan damarsu ɗaya.

Yanzu a cikinsu nawa ne suka kai abin da ɗalibar ta gani, ko suka zarce shi? Sabon iri ya ci duka 10: hanya ɗaya ce. Ya ci 9: hanyoyi 10 ne, domin gonar da ya faɗi tana iya zama kowacce cikin goman. Jimla 11. Tunda kafin gwajin ba a cire yiwuwar tsohon iri ne zai fi ba, sai a haɗa da ɗaya gefen, inda tsohon ya ci 9 ko 10, wasu 11 ke nan. An sami 22 cikin 1,024, wato 0.021. Wannan ita ce ƙimar p. Mai amfani da manhajar R zai same ta da layi ɗaya:

```r
binom.test(9, 10, p = 0.5)
```

Zai ga `p-value = 0.02148` a allo. Masu SPSS kuma a ƙarƙashin `Sig.` suke samun tasu. Idan ta nuna `.000`, ba sifili ba ne, lambar ce ta yi ƙanƙanta har ta wuce gurbi uku. A rubuta p < 0.001.

Lura da kalmomin "ko suka zarce shi". Ba yiwuwar samun 9 cif-cif ake ƙirgawa ba, har da duk sakamakon da ya fi shi nisa daga rabi-da-rabi.

Mataki na uku: faɗe ta a cikakkiyar jimla, ka fara da "da a ce"

Ga jimlar da ya kamata ɗalibar ta karanta: "Da a ce iri biyun ba su da bambanci, kuma aka yi ta maimaita wannan gwaji na gonaki 10, kusan sau 2 cikin 100 ne kawai ɗaya daga cikinsu zai ci gonaki 9 ko fiye." Shi ke nan abin da 0.021 ta faɗa. Magana ce a kan yadda sakamakon zai zama abin mamaki idan babu bambanci. Duk fassarar da ba za ta iya farawa da "da a ce babu bambanci" ba, ka yi mata kallon tuhuma.

Mataki na huɗu: kada ka juya jimlar

A nan ne mafi yawa suke zamewa, kuma a nan zan fi daɗewa. Tambayoyi biyu ne masu kama da juna. Ta farko: idan babu bambanci, mene ne yiwuwar in ga irin wannan sakamako? Ta biyu: tunda na ga wannan sakamako, mene ne yiwuwar babu bambanci? Ƙimar p ta farkon take amsawa. Mai bincike kuwa ta biyun yake so, shi ya sa zuciyarsa take juya masa jimlar bai ankara ba.

Juyin ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka ce maka wane limamin Juma'a ne, ka san namiji ne, babu tantama. Amma idan aka ce maka wane namiji ne, yiwuwar limamin Juma'a ne ƙanƙanuwa ce ƙwarai, domin maza a garin Gombe sun cika ko'ina, limaman Juma'a kuwa ana iya ƙirga su. Amsar tambaya ta biyu ta dogara da yawan abin tun asali, kuma wannan bayanin ba ya shiga lissafin p ko kaɗan.

Mu gani da lambobi. A ce wata cibiyar bincike ta gwada sababbin iri 1,000 ɗaya bayan ɗaya, kuma a haƙiƙa 100 ne kawai cikinsu suka bambanta da tsohon, sauran 900 duk ɗaya suke da shi. An sa iyaka a 0.05. Ma'anar iyakar ita ce cikin irin da ba su da bambanci, kashi 5 cikin ɗari za su tsallake ta bisa sa'a: 45 ke nan daga 900. A ce kuma gwajin yana da ƙarfin kamo kashi 80 cikin ɗari na masu bambancin gaske: 80 daga 100. Yanzu iri 125 ne suka sami p ƙasa da 0.05, kuma 45 a cikinsu fanko ne. Wato kashi 36 cikin ɗari, ba kashi 5 ba.

Canza abu ɗaya kawai. A ce cibiyar tana tace irinta sosai kafin a kai gona, har rabin 1,000 ɗin na gaske ne. Masu bambanci 500 za su ba da 400, marasa bambanci 500 za su ba da 25. Fanko ya koma 25 cikin 425, ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. Iyakar 0.05 ba ta motsa ba, gwajin bai canza ba, amma yiwuwar cewa an kamo iska ta sauko daga 36 zuwa kusan 6. Da ƙimar p ita ce yiwuwar gaskiyar hasashe, hakan ba zai faru ba. Don haka idan ɗalibarmu na son ta yi magana a kan ko sabon irin da gaske ya fi, dole ta shigo da abin da aka sani tun kafin gwajinta: an taɓa gwada shi a wasu wurare? Akwai dalili a kimiyyance da zai sa ya fi a ƙasa irin ta Yamaltu Deba, inda Dadin Kowa take? Lissafa wannan yiwuwar da lamba aikin ƙa'idar Bayes ne, hanya ce daban.

Mataki na biyar: duba abin da aka ƙaddara ban da H0

Hanyoyi 1,024 ɗin nan sun zama masu dama ɗaya ne saboda an yi ƙuri'a, kuma gonakin ba su rataya da juna ba. Da manoman ne suka zaɓa da kansu, suka ba sabon iri ɓangaren da ya fi kusa da ruwa ko wanda ya sha takin gargajiya bara, p za ta fito ƙarama ko da irin bai fi komai ba. Ƙaramar p tana cewa wani abu cikin abubuwan da aka ƙaddara bai dace da sakamakon ba, ba ta nuna maka wanne ne. Ka kuma tambayi gwaji nawa aka yi kafin a nuna maka wannan. Wanda ya gwada abubuwa 20 masu zaman kansu, alhali babu bambanci a ko ɗaya, yana da damar kusan kashi 64 cikin ɗari ya ga aƙalla ɗaya ta sauka ƙasa da 0.05.

Mataki na shida: idan p ta haura 0.05

A ce sabon iri ya ci gonaki 8 maimakon 9. Hanyoyin sun zama 45 da 10 da 1, wato 56, a ninka biyu 112 cikin 1,024: p ta koma 0.109. Gona ɗaya tak ta sauya, sai ka ji an rubuta "babu bambanci tsakanin iri biyun". Wannan ma juyin nan ne ya dawo ta bayan gida. Abin da za a ce shi ne gonaki 10 ba su isa a yanke hukunci ba. Ita 0.05 ɗin al'ada ce da ta bazu daga rubuce-rubucen Ronald Fisher tun 1925, shi kuma a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila yake aiki a lokacin. Babu wani bango tsakanin 0.049 da 0.051. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa ta musamman, inda ta bayyana ƙarara cewa ƙimar p ba ta auna yiwuwar gaskiyar hasashe, ba ta kuma auna girman tasiri ko muhimmancinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da manomi zai tambaya: buhu nawa ya ƙaru a hekta, kuma ya biya kuɗin irin? Gwajinmu ya ƙirga wanda ya ci ne kawai, ko da ratar mudu ɗaya ce. Ko a kan hakan, R za ta nuna `95 percent confidence interval`, tazarar da ake kyautata zaton damar sabon iri ya ci gona tana ciki, daga 0.55 zuwa kusan 1. Wato sakamakon ya dace da sabon iri yana cin kusan kowace gona, ya kuma dace da yana cin gonaki 55 kacal cikin 100. Don haka a babi na huɗu a rubuta su tare: gonaki 9 cikin 10, p = 0.021, tazarar 0.55 zuwa 1.00, da matsakaicin ƙarin amfani a kowace hekta da kilo, sannan a faɗi yadda aka yi ƙuri'ar raba gonakin.