Darasi: Sa wa Jariri Man Ido a Fatar Ido ta Ƙasa

Maganin da ake nufi a wannan darasi shi ne mai maiƙon nan da ke zuwa a ɗan ƙaramin kwanso, kamar na man goge baki. Wanda aka fi bayarwa a asibitocinmu shi ne tetirasaikilin, za ki ga an rubuta 1% a jikinsa, kuma launinsa ruwan ɗorawa ne. Aikinsa kashe ƙwayoyin cutar da ke sa idon jariri ya yi ja, ya riƙa fitar da kwantsa mai kauri har fatar ido ta manne. Ma'aikacin lafiya ne zai duba yaron ya ce a sa. Kada a saya a kemis da ka, domin akwai man ido da ke haɗe da wani sinadari mai lalata idon da ke da gyambo.

Mu ɗauki misalin jaririya mai sati shida. Ta tashi da safe idon hagu a liƙe da kwantsa, an kai ta asibiti, malamar asibiti ta ce a sa mata tetirasaikilin sau uku a rana har kwana biyar. Mahaifiyar ta zaɓi bayan Asuba, bayan Azahar da bayan Isha'i don kada ta manta. Idan ke an ce miki sau huɗu, ko an ce ido biyu, abin da aka faɗa miki shi za ki bi.

Kafin a buɗe magani

Ki fara duba kwanson da kyau. A ɗakin mai jego sau da yawa akwai wani magani mai kama da shi, wato kuloheksidin, na shafawa a cibiya. Wannan idan ya shiga ido ƙona shi yake yi, har ya kai ga makanta. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka, bayan jarirai sun sami mummunan rauni a ido a ƙasashen Afirka ta dalilin wannan kuskure. Don Allah ki raba musu wurin ajiya. Wadda karatunta bai yi ƙarfi ba tukuna ta ɗaura zare a jikin na ido tun a gaban malamar asibiti, ta nuna wa kaka da duk mai taya ta reno.

Sai ki wanke hannu da sabulu, ki tabbata farcenki a yanke yake. Ki tanadi ruwan da aka tafasa ya huce, da auduga mai tsabta da kika gutsuttsura gida biyar ko shida. In babu auduga, ƙyalle mai laushi da aka wanke aka shanya a rana ya wadatar. Bakin zani ko gefen mayafi bai dace ba.

Ki naɗe jaririyar da zani, hannuwanta a ciki, ki kwantar da ita rigingine a cinyarki ko a kan tabarma inda haske yake. In akwai goggo ko kaka kusa, ta riƙe kan da tafin hannu biyu ta gefen kunnuwa, kada ta danna maɗiga.

Yanzu a share kwantsar. Ki jiƙa auduga, ki matse, ki goge daga gefen hanci zuwa gefen kunne sau ɗaya, ki yar. In da saura, ki ɗauki sabuwa. Kwantsar da ta bushe kada ki ɓamɓare ta. Ki ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kai kamar minti ɗaya, za ta saki da kanta. Dalilin wannan wanki shi ne, maganin da aka sa a kan kwantsa a kanta yake tsayawa, ba ya isa inda ciwon yake.

Sa maganin

Ki cire murfin ki aje shi bakinsa sama. Ki ɗora ɗan yatsa ɗaya a ƙasan gashin ido, a kan ƙashin kumatu, ki ja fatar ƙasa a hankali. Za ki ga wani ɗan lungu ja-ja ya buɗe tsakanin fatar da farin ido, kamar ƙaramin aljihu. Nan ne mazaunin maganin. A kan ƙashi yatsa zai zauna, kada ya danna ƙwayar ido.

Hannun da ke riƙe da kwanson, ki jingina gefensa a goshin jaririyar. Wannan ita ce babbar dabarar aikin: idan ta fizge kai, hannunki zai tafi tare da kan, tsinin ba zai tsokane ta ba. Ki matso siririn magani a cikin lungun, daga gefen hanci zuwa waje, tsawonsa kada ya wuce santimita 1, wato ɗan fin ƙwayar shinkafa. Bakin kwanson ya tsaya a sama kaɗan, kada ya taɓa ido, ko gashin ido, ko yatsanki, domin duk abin da ya taɓa zai kwaso ƙwayar cuta ya mayar cikin maganin. In zaren maganin ya ƙi yankewa, ki ɗan murɗa hannu, zai tsinke.

Ki saki fatar. Jaririyar za ta runtse ido, ta yi ƙifce-ƙifce, ɗumin idon ya narkar da man ya bazu. Za ta iya yin kuka, idon ya yi maiƙo na ɗan lokaci, wannan ba komai ba ne. Wadda ta matse ido gam tana tsala kuka, kada a yi kokawa da ita. A ba ta nono ta lafa, ko a jira barci ya fara ɗaukarta.

A lokacin zafi man yakan yi ruwa ya zubo da yawa, saboda haka a aje shi a inuwa. Da hunturu kuma yakan daskare, sai a dunƙule kwanson a hannu minti ɗaya ko biyu kafin a buɗe.

Goge abin da ya fito

Ki jira kamar minti ɗaya. Sannan ki ɗauki busasshiyar auduga sabuwa, idon a rufe, ki goge abin da ya tsatso a gashin ido da kumatu, daga hanci zuwa waje, a hankali. Na waje kaɗai ake gogewa. Ba a buɗe ido a shiga ciki da auduga, ba a kuma ɗauraye shi da ruwa, in ba haka ba an wanke maganin ke nan. Amfanin gogewar shi ne maiƙon da aka bari yana kama ƙura, yana jawo ƙuda, jaririyar kuma takan murza shi da hannu ta kai ɗaya idon.

In maganin bai shiga ba, a gashin ido ya tsaya, ki goge ki sake sawa sau ɗaya. In ido biyu ake sa wa, kowane da tasa audugar, kuma a fara da wanda ya fi sauƙi. Ki rufe kwanson, ki sake wanke hannu. A cika kwana biyar ɗin ko da idon ya washe a rana ta biyu. Kwanso ɗaya na yaro ɗaya ne, kuma wanda ya kai sati huɗu da buɗewa a yar da shi. Kwalli, ruwan nono, ruwan sukari da jiƙon ganye, duk kada a haɗa su da wannan magani.

Inda man ido ba ya isa

Jaririn da bai kai wata ɗaya ba, musamman a makon farko, idan fatar idonsa ta kumbura suntum, mugunya tana bulbulowa da zarar an goge, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. Sau da yawa ciwon sanyi ne ya samu wurin haihuwa, yana iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma allura yake buƙata. Uwa da uba su ma sai an ba su magani.

Jaririyar misalinmu kuwa, a mayar da ita in an kwana biyu ana sawa babu sauƙi, ko wani fari-fari ya bayyana a kan baƙin ido, ko fatar ta ƙara kumbura bayan sa magani. In zazzaɓi ya shigo ko ta ƙi kama nono, a tafi nan take, a riƙe kwanson maganin a nuna wa ma'aikacin lafiya.