Yadda ake tsara sharaɗin sana'a a takardar hayar shago ko kilinik

Yawancin masu karɓar hayar shago da na gani sun shiga matsala, kuɗin haya da tsawon wa'adi kawai suka duba, suka tsallake sakin layin da ke faɗin irin sana'ar da aka yarda a yi a wurin. Wannan sakin layi alkawari ne da ɗan haya ya ɗauka, kuma saɓa shi yana iya sa a ƙwace wurin tun kafin wa'adi ya cika.

Kafin ka sa hannu, ka nemi ganin kwafin takardar shaidar mallakar filin, domin a cikinta ake rubuta ko an ba da filin don zama ne ko don kasuwanci. Idan na zama ne, yardar mai gida kaɗai ba ta mai da shi wurin kasuwanci, sai an nemi izinin sauya amfani daga gwamnati, kuma a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA tana da ta cewa a kai. Ka tabbata an rubuta wanda zai nemi izinin da wanda zai biya.

Daga nan sai lafazin sharaɗin kansa, kuma a nan ne nake so a tsaya da kyau. Akwai wani ma'aikacin lafiya da ya karɓi shago na shekara 3 a kan naira 900,000 a shekara, takardar ta ce "don sayar da magunguna kawai". Bayan wata 8 ya raba shagon da katako, ya sa gado biyu, ya fara ƙarin ruwa da gwajin jini, saboda dillalin da ya haɗa su ya ce masa Alhaji ba zai damu ba. Da maƙwabta suka koka kan cunkoson babura da allurai a kwata, lauyan mai gida ya aiko da takarda, ya nuna kalmar "kawai". Maganar dillali ba ta cikin yarjejeniya, don haka ba ta amfane shi da komai ba, kuma ya yi asarar abin da ya kashe a gyara.

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya faɗaɗa lafazin tun ranar farko. Ni ba na barin kowa ya sa hannu a kan sana'a guda tilo. A rubuta misali "sayar da magunguna da kayan kula da lafiya, da duba marasa lafiya, da duk abin da ya danganci waɗannan". Sannan a ƙara jimla mai cewa ɗan haya zai iya sauya sana'a da rubutacciyar yardar mai gida, wadda ba zai hana ba sai da dalili mai ma'ana, kuma zai ba da amsa cikin kwana 30. Idan babu wannan jimla, mai gida yana iya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba, ko ya nemi ƙarin kuɗin haya a matsayin farashin yardarsa. Kuɗin lauyan da zai gyara waɗannan layuka bai kai abin da ake kashewa a tayil na ɗaki ɗaya ba.

In kuwa ka riga ka shiga, sannan buƙatar sauyi ta taso, kada ka sayi ko ƙusa sai ka rubuta wasiƙa. Ka bayyana sabuwar sana'ar, da gyaran da za ka yi wa ginin, da lokutan aiki, da yadda za ka zubar da shara, ka karɓi sa hannu a kan kwafinka. Idan an amince, a rubuta ƙarin yarjejeniya, ku biyu ku sa hannu gaban shaidu, a liƙa ta da ta asali. Wasu suna dogara da cewa mai gida ya ga sauyin kuma ya ci gaba da karɓar haya. Gaskiya ne kotu tana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yafe saɓawar da ta wuce, amma hujja ce da za ka sha wahalar kafawa, musamman idan ya rasu magada suka karɓi gidan.

Yardar mai gida kuma ba lasisi ba ce. Rajistar wurin sayar da magani tana hannun Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato PCN, kuma ba ta ba ka damar kwantar da marar lafiya. Kilinik yana buƙatar tasa rajistar daga jiha, a Kano ta hannun hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta PHIMA. Saboda haka ka sa a rubuta cewa idan hukuma ta ƙi ba da rajista bayan ta duba ginin, kana da damar ajiye hayar a mayar maka da kuɗin watannin da suka rage.